Shiru Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Son Kaɗaici, Tsoron Idon Mutane da Iya Hulɗa

A gari irin Maradi, inda fatauci ya ratsa kusan kowane gida, saurayin da ba ya yawan magana yakan sha hukunci tun kafin a san shi. Wasu su ce miskili ne, wasu su ce girman kai ke damunsa, wasu su ce tsoron mutane yake yi, dattawa kuwa su yaba masa su ce yaro ne mai kunya da natsuwa. Masu sukarsa da masu yabonsa duk sun yi tarayya a kuskure ɗaya, domin sun ga shiru sun ɗauka sun san dalilinsa. Alhali abin da yakan rufe bakin mutum a cikin jama'a ya kai uku, kuma kowanne da tushensa daban. Akwai wanda taro bai cika burge shi ba, kaɗan daga cikinsa ya ishe shi. Akwai wanda yake marmarin taron amma fargabar yadda za a gan shi ta ɗaure shi. Akwai kuma wanda bai koyi yadda ake buɗe zance da tafiyar da shi ba. Na farko hali ne na halitta, na biyu tsoro ne, na uku ƙarancin horo ne, kuma abin da yake gyara ɗaya yana iya cutar da ɗaya.

Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Suwizalan, Carl Jung, shi ne ya yaɗa rarrabewa tsakanin mai son jama'a da mai son kaɗaici a shekarar 1921, lokacin da ya ce hankalin wasu mutane yakan karkata zuwa waje, ga jama'a da abubuwan da ke faruwa, na wasu kuma yakan karkata zuwa ciki, ga tunani da nazari. Waɗanda suka zo bayansa sun auna halin a tsakanin mutane masu tarin yawa, suka tarar cewa ba gida biyu aka raba ƴan Adam ba. Abin ya fi kama da tsawon jiki: akwai dogaye ƙwarai, akwai gajeru ƙwarai, amma mafi yawan mutane matsakaita ne. Binciken tagwaye kuma ya nuna cewa kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali yana da nasaba da gado, sauran kuwa daga abin da rayuwa ta yi da mutum yake fitowa. Saboda haka iyayen da suka ga ɗansu ya fi son zama shi kaɗai ba su da dalilin zargin tarbiyyarsu, haka kuma ba su da dalilin cewa ba abin da zai taɓa sauyawa a tare da shi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce mene ne ainihin abin da ya bambanta mai son jama'a da mai son kaɗaici. Hans Eysenck, wanda ya yi aikinsa a Landan, ya kawo bayani a 1967 cewa ƙwaƙwalwar mai son kaɗaici tana saurin motsuwa da abin da ke shigo mata, don haka hayaniya kaɗan ta kai shi inda yake jin daɗi, abin da ya wuce haka kuma sai ya zame masa nauyi. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Russell Geen, ya ba mutane aikin koyo suna sanye da abin sauraro a kunne, ya bar kowa ya zaɓi ƙarfin ƙarar da ta yi masa daidai. Masu son jama'a suka zaɓi ƙara mai ƙarfi, masu son kaɗaici suka zaɓi mai sauƙi, kuma da aka sa wa masu son kaɗaici ƙarar da ɗaya ɓangaren ya zaɓa, aikinsu ya ragu. Masana na baya-bayan nan sun fi karkata ga wani bayani, wato cewa mai son jama'a ya fi jin zaƙin lada: yabo, raha, sabuwar fuska da samun gaba a cikin taro suna ɗaga masa rai fiye da yadda suke ɗaga wa ɗan'uwansa. Ko wane bayani aka ɗauka, abin lura shi ne babu tsoro a cikinsa. Batun ci ne kawai: wani yana ƙoshi da rabin kwanon tuwo, wani sai ya cinye kwano biyu, kuma wanda ya ƙoshi da wuri ba tsoron tuwon yake yi ba. Mai son kaɗaici yakan je ɗaurin aure, ya gaisa da kowa, ya yi raha gwargwado, sannan bayan sa'a ɗaya ya ji ya isa, ya koma gida ba tare da nadama ba.

Tsoron idon mutane wani abu ne daban, kuma an daɗe da tabbatar da hakan. A 1981 Jonathan Cheek da Arnold Buss suka auna abubuwan biyu kowanne da ma'auninsa, wato yawan sha'awar zama da mutane a gefe ɗaya, da takura ko ɗari-ɗari a gaban mutane a ɗaya gefen. Suka tarar dangantakar da ke tsakaninsu ba ta da ƙarfi, har ana samun mutane da yawa masu tsananin son jama'a da kuma tsananin fargabarta a lokaci guda. Da suka haɗa mutane biyu-biyu da ba su san juna ba domin su yi hira ta ƴan mintoci, waɗannan ne suka fi kowa wahala: sun fi ƙarancin magana, sun fi kau da ido, sun fi taɓe-taɓen fuska da jiki. Dalilin a fili yake, domin wanda bai damu da taro ba shirunsa ba ya cin ransa, amma wanda yake so ya shiga kuma ya kasa yana fama da ja biyu a cikin ƙirjinsa. A ganina wannan shi ne mutumin da al'ummarmu ta fi zalunta ba da sani ba, saboda muna yaba masa a kan abin da yake azabtar da shi.

Domin abin ya fito sosai, mu ɗauka wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Maradi ya karɓi samari biyu su koyi ciniki, ɗaya daga Tibiri, ɗaya daga Madarunfa, dukansu ƴan shekara 17. Bayan wata biyu ya lura ba mai buɗe baki a cikinsu idan masu saye suka cika shago, sai ya yanke cewa ba ɗan kasuwa a cikinsu, ya fara tunanin mayar da su ga iyayensu. Kafin ya yi haka, akwai abubuwan da ya kamata ya duba, kuma ba sa buƙatar komai sai ido da haƙuri.

Abu na farko shi ne jikin yaron a lokacin da aka yi masa magana kai tsaye. Wata Hajiya ta shigo ta dubi ɗan Tibiri ta ce, "Yaro, nawa wannan shaddar?" Ya ɗaga kai ya gaishe ta, ya faɗi kuɗin da murya daidai, ya ƙara da cewa akwai wata mai sauƙin kuɗi idan tana so, sannan ya yi shiru yana jiran ta. Maganarsa gajera ce, amma ba rawa a cikinta. Da aka yi wa ɗan Madarunfa irin tambayar, sai muryarsa ta shige ciki, ya faɗi kuɗin da ya sani sarai cikin kokwanto, ya waiga yana neman maigida, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Daga ranar kuma, duk lokacin da ya hango baƙuwar fuska ta nufo shagon, sai aikin ninke zannuwa ya taso masa a can ƙurya. Wannan neman mafaka alama ce mai ƙarfi, domin mai son kaɗaici ba ya ɓuya daga mai saye, iyakarsa dai ba ya jan zance.

Abu na biyu shi ne yadda kowannensu yake a cikin waɗanda ya saba da su. Da dare, a fadar samarin unguwa inda ake dafa shayi, ɗan Madarunfa shi ne mai ba da labari, shi ne mai kwaikwayon muryar dillalai har a yi ta dariya, kuma shi ne na ƙarshen tashi. Ɗan Tibiri kuwa yakan sha kofin farko, ya ɗan taɓa hira da mutum ɗaya ko biyu, ya yi sallama. Ashe wanda ya fi kama da matsoraci a shago shi ne mai son jama'a, tsoron baƙi da manya ne ya rufe halinsa, ɗayan kuma yadda yake a shago haka yake a ko'ina. Abu na uku sai an tambaya, kuma a keɓe. Idan Alhaji ya ce wa ɗan Tibiri, "Me ya sa ba ka sa baki da Hajiya take ciniki?" zai iya amsawa, "Baba, na ga kana magana ne, ban ga abin ƙari ba." Ɗan Madarunfa kuwa, in har ya sake, zai ce ya so ya yi magana amma ya ji tsoron ya yi kuskure a yi masa dariya, kuma ya kwana yana maimaita abin a ransa yana jin haushin kansa. Wannan tuhumar kai bayan an watse ita ce ta fi kowace alama rarrabe su.

Da zarar an gane haka, sai a ga cewa magani ɗaya ba zai yi musu ba. Abin da ya saba faruwa shi ne maigida ya tsawata wa duka biyun a gaban masu saye, ya ce, "Ku buɗe baki mana, kasuwa ba ta kurame ba ce." Ɗan Tibiri zai ji ba daɗi ya wuce. Ɗan Madarunfa kuwa an tabbatar masa da ainihin abin da yake tsoro, wato cewa ana kallonsa kuma ana ganin gazawarsa, don haka gobe zai ƙara nisa cikin ƙurya. Tsoro irin wannan yana rayuwa ne a kan gudu: duk lokacin da yaron ya kauce wa mai saye yakan ji sauƙi nan take, sauƙin nan kuma shi ke koya masa ya sake kaucewa, har ya rasa damar ganin cewa abin da yake hasashe ba ya faruwa. Hanyar da masu ilimin halayya suka tabbatar tana aiki ita ce fuskantar abin tsoron daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana maimaita kowane mataki har fargabarsa ta lafa. A shagon nan, Alhaji zai iya fara ba shi aikin gaisuwa da faɗin kuɗi ga tsofaffin abokan ciniki masu sauƙin hali. Idan wannan ya zame masa jiki, sai a bar shi ya yi ciniki ɗaya tun daga tayi har zuwa sallamawa, a kan ƙaramin kaya, bayan an faɗa masa ƙarshen abin da zai iya ragewa, maigida kuma yana zaune a waje bai sa ido a kansa ba. Daga nan a aike shi shagon wani babban ɗan kasuwa da saƙon baki, can gaba kuma a ba shi karɓo bashi, wanda shi ne ya fi nauyi. Gyara kuwa a yi masa bayan an rufe shago, kuma a kan abu ɗaya tak. Yana da amfani a ba shi abin da zai lura da shi a jikin mai saye, kamar launin da idonta ya fi tsayawa a kai, domin mai wannan tsoro hankalinsa yakan koma kan kansa, yana sauraron muryarsa yana auna tsayuwarsa, shi ya sa yake mance abin da ya sani. Alamar cewa ana kan hanya ita ce ɓuyan ya ragu, ko da gumin hannun bai daina ba tukuna. Idan kuwa yaron ya fara ƙirƙiro ciwon kai ko aike don kada ya zo shago, to an yi tsalle da yawa, sai a koma matakin baya.

Ɗan Tibiri ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da ya rage masa shi ne sana'ar kanta, wato kalmomin tarbar mai saye, yadda ake mayar da tayi ba tare da an ɓata rai ba, da lokacin da ake cewa "albarka" da lokacin da ake sallamawa. Waɗannan koyonsu ake yi, kuma zai iya ƙwarewa a kansu sarai, sai dai ranar da kasuwa ta cika, kamar jajibirin salla, zai gaji fiye da abokinsa, kuma rabin sa'a shi kaɗai bayan azahar zai dawo masa da ƙarfinsa. Idan ana son ra'ayinsa a kan kayan da za a saro daga Kano, gara a faɗa masa da safe a ji amsa da yamma, maimakon a tsare shi a tsakiyar mutane. Tilasta masa zaman fada har tsakar dare da sunan gyara hali ba zai haifar da komai ba sai gajiya.

A nan ne kuskure mafi yaɗuwa yake, wato ɗaukar yawan magana a matsayin iya hulɗa. Iya hulɗa ya ƙunshi sauraro, da karanta fuska, da sanin lokacin yin shiru, da sanin matsayin wanda ake magana da shi, kuma mai surutu yana iya rasa duk waɗannan. Kowa ya san dillalin da yake katse mai saye, yana yabon kaya har ya sa mutum zargi. A 2013 Adam Grant na jami'ar Pennsylvania ya bi diddigin ma'aikata 340 masu sayar da kaya ta waya na tsawon wata uku, ya tarar waɗanda suka fi kawo kuɗi su ne na tsakiya, masu tsananin son jama'a da masu tsananin son kaɗaici kuma suka tashi kusan daidai a bayansu. Bayanin da ya bayar shi ne na tsakiya suna da isasshen kuzarin jawo hankalin mai saye, kuma suna yin shiru su ji abin da yake buƙata. A Amurka aka yi binciken, kuma ciniki ta waya ya bambanta da na gaba da gaba, amma ya isa ya sa Alhaji ya yi jinkiri kafin ya ce mai ƙarancin magana ba zai iya kasuwa ba.

A ƙasar Hausa akwai abu na huɗu da yake ƙara rikita lissafin, shi ne shirun ladabi. Yaron da ya sunkuyar da kai a gaban mahaifinsa, da surukin da ba ya cin abinci a gaban surukansa, da amaryar da ta yi makonni ba a jin muryarta a gidan miji, duk suna bin ƙa'ida ce da aka koya musu, kuma mafi surutun mutane ma yana bin ta. Ana gane shirun ladabi da cewa yana da iyaka sananniya: yana sauka a gaban wasu mutane, yana tashi da zarar sun fita, kuma mai yin sa yana iya isar da saƙo a fili idan an ba shi izini. Matsalar ita ce tsoro yana samun wurin ɓuya mai kyau a bayansa. Yarinyar da ba ta iya ɗaga hannu a aji, ba ta iya tambayar malamin asibiti yadda za ta sha magani, ba ta iya faɗin abin da ke damunta ko ga yayarta, takan girma ana cewa ta fi kowa tarbiyya, ba wanda ya tambaye ta ko tana so ta yi magana ta kasa. A makarantun boko na Nijar kuma akwai ƙarin dalili, domin yaron da ke shiru idan ana darasi da Faransanci, amma yake zuba idan aka koma Hausa a filin wasa, harshe ne ya tsare shi, kuma malamin da ya rubuta shi a matsayin mai noƙewa ya ɓata ganewa.

Yadda al'umma take karɓar irin wannan yaro yana sauyawa da zamani. Xinyin Chen da abokan aikinsa sun yi nazarin ƴan makarantar firamare a birnin Shanghai, suka tarar cewa a 1990 yara masu ɗari-ɗari suna da farin jini a wurin ƴan'uwansu da malamansu, har ana ba su shugabanci, amma a 2002, bayan tattalin arzikin ƙasar Sin ya koma na gasa, irin waɗannan yara sun zama waɗanda ake ƙi, kuma sun fi fama da damuwa. Halin yaran bai sauya ba, abin da ake nema a wurinsu ne ya sauya. Ina ganin samarinmu suna tsakiyar irin wannan sauyi, domin a gida ana so su sunkuyar da kai, a jami'a da wurin neman aiki kuma ana so su tsaya gaban mutane su kare kansu, kuma ba kasafai ake koya musu yadda za su haɗa biyun ba.

Duk abin da aka faɗa a sama yana da iyaka, kuma wajibi ne a san ta. Idan tsoron idon mutane ya kai wata shida ko fiye, ya wuce girman abin da ake tsoro, ya kuma hana mutum karatu ko sana'a ko neman aure, to ya zama lalurar da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani kuma suke yi wa magani, yawanci tana farawa ne a farkon balaga, wajen shekara 13, kuma dabarar maigida ita kaɗai ba za ta wadatar ba. Ƙaramin yaron da ba ya amsawa idan an kira shi, ko maganarsa ta yi jinkirin fitowa, a fara duba kunnensa kafin a ce halinsa ne. Mafi hatsari kuma shi ne shirun da ya zo daga baya. Hali na halitta yakan bayyana tun ƙuruciya ya kuma dawwama, don haka idan mutumin da aka sani da faran-faran ya janye daga fada da kasuwa cikin ƴan makonni, barcinsa da cin abincinsa suka lalace, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ba son kaɗaici ne ya same shi ba. Waɗannan alamomin ciwon damuwa ne, ko na wani abu da ya faru da shi wanda bai faɗa ba, kuma abin da ya dace shi ne wanda ya fi kusa da shi ya zauna da shi a keɓe ya tambaye shi, sannan ya raka shi asibiti idan abin ya wuce mako biyu bai sassauta ba.